Lambar asusu ta canza a kan sabon inbois, in biya ko in dakata?

Karamar_Akanta:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka daɗe a harkar biyan kuɗin masu kawo kaya. Akwai wani kamfani a Jamus da muke sayen kayan gyaran injina a wurinsu shekara da shekaru. Sabon inbois ɗinsu, wato takardar neman biyan kuɗin kaya, ya shigo ta imel, mai lamba 2468, na yuro 18,400. Kafin in shigar da shi layin biya na ɗauko na baya guda uku, 2291 da 2347 da 2410, na jera su kusa da juna kamar yadda aka koya mini. Tambarin kamfani ɗaya ne, adireshi ɗaya, lambar odarmu daidai, kayan da aka lissafa su ne muka karɓa, kuɗin ma bai ƙaru da ko sisi ba. Abu biyu ne kawai suka bambanta. Lambar asusun da ke ƙasan takardar ba irin ta baya ba ce, sannan wa'adin biya da aka saba rubutawa kwana 30 ya koma kwana 7. A cikin imel ɗin an ƙara layi ɗaya cewa sun sauya banki saboda ana binciken tsohon asusunsu. Maigidana yana so a biya cikin makon nan don kada su riƙe mana oda ta gaba. Shin wannan abin tsoro ne, ko ni ce nake yawan zargi?

Abu_Hanifa77:
Wa alaikumus salam. Kada ki biya tukuna, 'yar uwa. Sauyin asusu tare da rage wa'adi a takarda ɗaya ya isa a dakata.

Dan_Kasuwa_Na_Gaske:
Ni ban ga abin tashin hankali ba. Kamfanoni suna canza banki kullum. Ki mayar musu da amsa ta imel ɗin, ki ce su turo wasiƙa a kan takardar kamfani mai tambari, da sa hannun manaja da hatimi. Idan sun turo, shi ke nan, kin fita hakkin aikinki.

Tsohon_Odita:
Alhaji Dan_Kasuwa, rabin maganarka gaskiya ce: ana canza banki, kuma ya kamata a nemi sauyin a rubuce. Amma hanyar da ka ce a bi ita ce ake kama mutane da ita. Idan ɓarawo ne ya turo wannan saƙon, to amsar da za ta mayar wurinsa za ta je. Shi zai karanta, shi zai shirya wasiƙar, kuma wanda ya iya sauya lambar asusu a kan inbois ba zai gaza kwafo tambari da hatimi daga tsohuwar takarda ba. Za ta tambayi mai laifin ne ko shi mai laifi ne.

Malama Karamar_Akanta, abin da za ki yi shi ne kira ta waya, amma lambar da za ki kira ita ce gaba ɗayan maganar. Kada ki ɗauko ta daga sabon inbois, kada ki ɗauko ta daga ƙasan imel ɗin, kuma idan wani ya kira ki yana cewa daga kamfanin yake, wannan kiran bai ƙirgu ba. Ki buɗe fayil ɗin kamfanin da ke ofishinku, ki ɗauko lambar da ke kan yarjejeniyar farko ko wani tsohon inbois da kuka riga kuka biya kuma suka tabbatar sun karɓa. Ki nemi sashen kuɗi, ba mai sayar muku da kaya kaɗai ba.

In kin same su, kada ki karanta musu sabuwar lambar ki ce "wannan taku ce?" Mutumin da aiki ya yi wa yawa zai iya cewa e bai duba ba. Ki ce musu su karanta miki lambar asusun da suke karɓar kuɗi a yanzu, ke kuma kina bi da ido a kan takardar, harafi bayan harafi. Daga nan ki rubuta ranar, da sunan wanda kika yi magana da shi, da lambar da kika kira, ki ajiye a fayil.

Maman_Yusra:
Wallahi irin wannan ta taɓa samun ƙanina. Aka nuna masa rasit a waya cewa an tura kuɗi, ya saki kaya, ashe babu abin da ya shiga. Yanzu sai ya ga kuɗi a asusunsa da idonsa yake sallamar mutum.

Abu_Hanifa77:
Allah ya mayar masa da alheri, Hajiya. Amma nata daban ne. Shi ƙaninki kuɗi ne bai shigo ba aka ce ya shigo. Ita kuwa ita ce za ta fitar da kuɗi, kayan na gaske ne, bashin na gaske ne, sai dai ana so kuɗin ya sauka a hannun wanda ba shi ya kawo kayan ba.

Tsohon_Odita:
Malama, ba sai kin rubuto lambobin duka a nan ba, kada ma ki rubuto. Faɗa mana haruffa biyun farko na IBAN, wato lambar asusun ta ƙasa da ƙasa, a tsoffin takardun da na sabuwar, da tsawon kowanne, da sunan mai asusun kamar yadda aka rubuta.

Karamar_Akanta:
To Baba. Tsoffin ukun duk da `DE` suka fara, na ƙirga haruffa da lambobi 22. Sabuwar da `LT` ta fara, 20 ce. Sunan mai asusu kusan iri ɗaya ne, sai dai a tsoffin ya ƙare da `GmbH`, a sabuwar kuma an cire shi an sa `Trading`. Wannan ban ma lura da shi ba sai da ka tambaya.

Tsohon_Odita:
Madalla. Haruffa biyun farko na IBAN ƙasar da asusun yake suke nunawa. `DE` Jamus ce, kuma nasu 22 ne. `LT` Lituweniya ce, nasu 20. Wato ba banki kaɗai aka canza ba, ƙasa aka canza, alhali imel ɗin bai ambaci haka ba. Ki duba lambar SWIFT ma, wato lambar shaidar bankin, wadda wasu takardun ke rubutawa BIC. Tana da haruffa 8 ko 11, huɗun farko na banki ne, na biyar da na shida na ƙasa. A tsoffin za ki ga `DE` a wannan gurbin.

Sunan ya fi damuna fiye da ƙasar. `GmbH` ba ado ba ne, yana cikin sunan da aka yi wa kamfanin rajista da shi a Jamus. Kamfani zai iya buɗe asusu a wata ƙasa, amma da sunansa na rajista zai buɗe. Idan sunan ya canza, to wani mahaluƙi ne daban zai karɓi kuɗin, ko da kalmomin farko sun yi kama. Masu wannan sana'a sukan yi rajistar ƙaramin kamfani mai suna makamancin na gaske don kawai su samu asusu da sunan da ido zai wuce bai tsaya ba.

Sadauki_09:
Ai da ganin `LT` magana ta ƙare, ɓarayi ne. Ba ɗan can ne ya damfari Google da Facebook ba?

Mai_Lissafi_Zalla:
Sadauki, a yi hattara da wannan hukuncin. Gaskiya ne mutumin ɗan Lituweniya ne, Evaldas Rimasauskas. Tsakanin 2013 da 2015 ya karɓi sama da dala miliyan 100 daga kamfanonin biyu ta hanyar inbois na bogi, kuma a 2019 wata kotu a Amurka ta ɗaure shi shekara biyar. Amma dubi yadda ya yi: ya yi rajistar kamfani a Latbiya da suna irin na Quanta Computer na Taiwan, wanda da gaske yake sayar musu da kayan kwamfuta, kuɗin kuma asusun Latbiya da Saifurus suka fara shiga. Darasin da ke ciki shi ne na kamannin suna da Baba Odita ya faɗa, ba na wata ƙasa ba.

Kuma kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet da yawa a Lituweniya suke da lasisi, don haka akwai 'yan kasuwa na ƙwarai a faɗin Turai da IBAN ɗinsu ke farawa da `LT`. Haka nan ɓarawo zai iya samun asusu mai `DE`. Da sabuwar lambar ta fara da `DE` ma, kiran nan sai an yi shi.

Dan_Kasuwa_Na_Gaske:
To ai akwai shafukan da ake zuba IBAN su gaya maka ko sahihi ne. Ta gwada mana.

Mai_Lissafi_Zalla:
Zai ce mata sahihi ne, kuma hakan ba zai amfane ta ba. Lambobi biyun da ke bin haruffan ƙasa na tantance kuskuren rubutu ne. Ana yin wani lissafi a raba da 97, in saura ya zama 1 to an rubuta lambar daidai. Abin da yake kamawa shi ne ka tsallake lamba ko ka juya biyu. Asusun ɓarawo asusu ne na gaske da banki ya buɗe, zai ci wannan jarrabawar lafiya lau.

Injiniya_Sadarwa:
Bari in shigo ta ɓangaren imel ɗin. Anti, abu uku za ki duba. Na farko, adireshin da ya turo, ba sunan da ke bayyana a sama ba. Ki kwafe shi ki ajiye ƙarƙashin na tsohon saƙo, ki ƙara girman rubutun. Sukan sa `rn` a gurbin `m`, ko `1` a gurbin `l`, ko su ƙara ɗan layi a tsakiyar sunan. A ƙaramin allo `rnodern` da `modern` ba su da maraba. Na biyu, ki danna maɓallin amsa ba tare da kin aika ba, ki ga adireshin da ya fito. Akwai gurbin da ake kira `Reply-To` wanda zai iya karkatar da amsa zuwa wani wuri dabam da `From`.

Na uku shi ne PDF ɗin kansa. In kina da Acrobat, buɗe shi ki danna `Ctrl+D`, ki duba `PDF Producer`, wato manhajar da ta samar da shi, da ranar `Created` da `Modified`, sannan shafin `Fonts`. Ki yi wa tsoho ɗaya haka ki gwada. Wanda ke da kayan aikin poppler zai iya yi da umarni:

```
pdfinfo 2410.pdf
pdfinfo 2468.pdf
pdffonts 2468.pdf
```

Karamar_Akanta:
Na duba, Injiniya. Adireshin imel ɗin daidai yake da na kullum, harafi da harafi, kuma amsa ma can take komawa. Saƙon a cikin tsohuwar hirarmu ya shigo, har da maganar da muka yi kan ranar lodi tana ƙasa. Amma PDF ɗin ya bambanta. Tsoffin ukun `Producer` ɗinsu ɗaya ne, kuma `Created` da `Modified` lokaci guda ne. Sabon yana ɗauke da sunan wata manhajar gyaran PDF, kuma an gyara shi kwana biyu bayan ranar da aka ƙirƙire shi. Da na ƙara girman shafin sosai, na ga lambobin asusun sun fi sauran rubutun kauri kaɗan, kuma layin ya ɗan zame hagu, bai daidaita da kalmar `IBAN` da ke samansa ba.

Injiniya_Sadarwa:
To wannan ya fi adireshin bogi muni. Idan adireshin na gaske ne kuma hirar ta gaske ce, alama ce cewa wani yana zaune a cikin akwatin imel, yana karanta komai. Yadda suke yi shi ne su sace kalmar sirri, su yi shiru suna kallo har lokacin da inbois zai fita. Sai su kafa ƙa'ida a cikin akwatin da za ta riƙa kwashe saƙonninku zuwa wani ɓoyayyen fayil, mai akwatin bai gani ba, su kuma su riƙa amsawa da sunansa. Shi ya sa lambar oda da kuɗin suka yi daidai: inbois na gaske ne suka tare, suka taɓa layi biyu, suka sake turowa.

Amma in faɗi iyakar abin da na ce ki duba. Bayanan cikin PDF ba hujja ba ce mai yanke hukunci. Ma'aikacin kamfanin na gaske zai iya buɗe takarda a manhajar gyara don ya sa hannu, kuma ɓarawon da ya ƙware zai iya goge bayanan ko ya kwaikwayi na asali. In sun bambanta, zargi ya ƙaru. In sun yi daidai, ba a wanke kowa ba.

Wani abu kuma: kada ku ɗauka lallai akwatinsu ne aka shiga. Zai iya zama naku, a sauya takardar bayan ta iso. Ki sa mai kula da kwamfutocinku ya duba ƙa'idojin da ke akwatinki da na maigidanki, da wuraren da aka shiga daga gare su kwanan nan. Kuma daga yanzu kada ki rubuta zarginki a cikin waccan hirar.

Hajiya_Mai_Oda:
Ina karanta wannan jikina yana sanyi, domin mu an yi mana, kuma mun biya. Namu ko ƙasa ba a canza ba, banki ɗaya ne ma, lambobin ƙarshe ne kawai suka bambanta. Ba mu sani ba sai da masu kayan suka turo takardar tunin bashi bayan wa'adi ya wuce. Kafin nan kuɗin ya daɗe da barin asusun da ya shiga. Bankinmu ya aika buƙatar a dawo da kuɗin, aka ce abin da ya rage a ciki kaɗan ne, shi aka dawo mana da shi bayan dogon jira. Abin da ma'aikacin bankin ya gaya mini shi ne da a ranar muka kira, ko washegari, da akwai fatan a riƙe kuɗin kafin a kwashe. Don haka duk wanda ya riga ya tura, kada ya tsaya binciken wa ya yi laifi a ofis. Ya kira banki nan take ya ce zamba ce, a nemi dawo da kuɗin, sannan ya kai rahoto ga hukuma.

Tun daga lokacin, in mun biya babban kuɗi, muna kiran masu kayan su tabbatar ya shiga, ba ma jiran su tuna mana.

Sadauki_09:
Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Ni dabarata ita ce in fara tura ɗan ƙaramin kuɗi sabon asusun. In sun ce sun gani, sai in tura sauran.

Abu_Hanifa77:
Wa zai ce maka ya gani? In ta imel ne, ɓarawon zai ce ya gani, kuma gaskiya ya faɗa, tunda asusunsa ne.

Mai_Lissafi_Zalla:
Gwajin yana da amfani in an yi shi daidai. Ka tura adadin da ba ka faɗa wa kowa ba, ka kira tsohuwar lamba, su duba asusunsu su gaya maka nawa ne ya shigo. Wannan ya nuna suna iya ganin cikin asusun.

Tsohon_Odita:
Ban ƙi ba, amma ni ban cika son sa ba. In ka riga ka samu sashen kuɗinsu a lambar da ka amince da ita, sun karanta maka asusun da bakinsu, me gwajin ya ƙara? Abin da na gani shi ne yana sa ma'aikata su ji kamar sun yi bincike, sai su tsallake kiran. Ga kuɗin aikawa na ƙasa da ƙasa da za a biya sau biyu.

Mai_Lissafi_Zalla:
Ya ƙara kariya daga kuskuren ji ko na rubutu, Baba, musamman in kuɗin yana da yawa. A nan dai mun saɓa.

Ummu_Khalil:
Tambaya daga gefe. Ba banki ne ya kamata ya ƙi biya ba idan suna bai dace da lambar asusu ba? Na ɗauka suna dubawa.

Mai_Lissafi_Zalla:
Ya danganta da inda ake. Birtaniya ta fara tsarin da suke kira Confirmation of Payee a 2020, mai gwada sunan da ka rubuta da na mai asusun kafin ka tura. Ƙasashen da ke amfani da yuro su ma an wajabta wa bankunansu irin wannan daga Oktoban 2025. A wasu ƙasashen manhajar banki tana nuna maka sunan mai asusu da zarar ka sa lamba. Amma a aikawa ta SWIFT daga wata ƙasa zuwa wata, kada ki dogara da haka, sau da yawa lambar ce ke jan kuɗin. Kuma ko inda ake dubawa, in an buɗe asusun da suna mai kama, kamar wannan mai `Trading`, kuma shi kika kwafa daga inbois ɗin, zai dace daidai.

Dan_Kasuwa_Na_Gaske:
Na karɓi gyara a kan maganar imel. Amma ina nan a kan cewa ba kowane sauyin suna ne sata ba. Akwai mai kawo mini kaya da ya sayar wa wani kamfanin kuɗi basussukan da yake bin mutane, don ya samu kuɗi da wuri. Inbois ɗinsa ya zo da suna da asusun wancan kamfanin, kuma halal ne. Da na ƙi biya da na ɓata huldar banza.

Tsohon_Odita:
Wannan gaskiya ne Alhaji, ana yi sosai. Sai dai irin wannan yakan zo da sanarwa a rubuce cewa an mayar da bashin ga wani, da cikakken sunan sabon mai karɓa, ba a ɓoye shi a bayan suna mai kama da na farko. Kuma ita ma sanarwar ana ƙirƙirar ta bogi, don haka kiran dai shi ne. Dalilin da aka ba Malama ma abin dubawa ne. "Ana binciken asusunmu" magana ce da na sha gani a irin waɗannan saƙonni, domin tana hana ka cewa bari in tura tsohon asusun kawai. Binciken odita na shekara ba ya hana kuɗi shiga asusu.

Karamar_Akanta:
Na kira lambar da ke kan yarjejeniyarmu ta farko. Matar da ta ɗauka a sashen kuɗi ta karanta mini IBAN mai `DE`, irin na tsoffin takardun, ta ce ba ta da labarin wani sauyi, kuma a na'urarsu inbois 2468 kwana 30 ne. Ta ce in turo mata kwafin wanda muka samu, amma ta wani adireshin da ta ba ni a waya. Na nuna wa maigidana, an cire shi daga layin biya. Na gode muku ƙwarai. Yanzu yana tambaya ko mu tura tsohon asusun yau.

Tsohon_Odita:
Tsohon asusun da kuka saba biya, kuma suka tabbatar da baki, babu laifi. Amma ku nemi su sake fitar da inbois mai tsabta, don kada takardar da ke fayil ɗinku ta saɓa da inda kuɗin ya tafi. Gurɓataccen kuma kada a goge shi, a ajiye imel ɗin yadda yake. Ki tabbata ba wanda ya riga ya shigar da sabuwar lambar cikin bayanan kamfanin a manhajar lissafinku. In da hali, wanda ke sauya bayanan asusu ya zama daban da wanda ke amincewa da biya.

Ummu_Khalil:
To da sun biya fa, asarar ta wa ce? Ni a ganina in akwatin masu kayan aka shiga, su ne suka yi sakaci, bai kamata a biya su sau biyu ba.

Hajiya_Mai_Oda:
Haka muka ce mu ma. Su kuma suka ce kuɗinsu bai iso ba, bashi yana nan, kuma mu ne muka tura ba mu tambaya ba. Ƙarshe sulhu aka yi aka raba asarar, don kowa yana son huldar ta ci gaba.

Mai_Lissafi_Zalla:
Ba amsa ɗaya gare ta ba. Ya danganta da dokar ƙasar da yarjejeniyar ta zaɓa, da abin da aka rubuta a ciki kan sauya asusu, da wanda ya fi samun damar ganewa bai gane ba. A wannan na Malama, da an biya, canjin ƙasa da na suna a fili suke a kan takardar, kuma za a yi musu tambaya a kai.

Ummu_Khalil:
Ban gamsu ba gaba ɗaya. Wanda bai tsare akwatinsa ba shi ya buɗe ƙofar.

Injiniya_Sadarwa:
Har yanzu ba a san ko akwatin wa aka shiga ba, Anti Ummu. Karamar_Akanta, me mai kula da kwamfutocinku ya gani? In naku ne, to duk inbois ɗin da ke jiran biya daga sauran masu kawo muku kaya sai an jera su da tsoffinsu kamar yadda kika yi wa wannan, har da waɗanda aka biya a 'yan makonnin nan.

Karamar_Akanta:
Bai gama dubawa ba, ya ce sai gobe. Na fara jera sauran tun yanzu. Akwai ɗaya da asusunsa bai canza ba amma lambar wayar da ke ƙasan takardar ta canza, shi ma in kira ne?